Ta Ƙarshe a Daro

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, 1976 ke nan, aka shiga neman malamai ido rufe. Wata kwalejin horon malamai mata da ke bayan garin Kafanchan, wadda a da ɗalibanta ba su kai ɗari biyu ba, sai ga ta da ɗari huɗu har da ɗoriya. Ciyar da baki ɗari huɗu sau uku a rana kuwa ba wasan yara ba ne. Aka ƙara masu girki biyu a watan Satumba, aiki bai ragu ba, aka sake neman mutum ɗaya bayan Kirsimeti. Wannan ɗayar ita ce Asibi.

Asibi 'yar wani ƙauye ce kusa da Zonkwa. Mijinta Meshak ya rasu shekara guda kafin nan, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, ya bar ta da yara biyu, Gilbert da Lucy. Wadda ta samo mata aikin ita ce Mama Martha, yayar uwar mijin, shugabar masu girki, wadda ta shekara ashirin da biyu a gaban murhun kwalejin. Ita ta je da ƙafarta wajen shugabar makaranta ta ce, “Matar ɗana ce, na tsaya mata.” Aka ba Asibi aiki na gwajin wata uku, da ɗaki ɗaya a layin ma'aikata. Ranar da ta shimfiɗa wa yaranta tabarma a ɗakin nan mai daɓen siminti, sai da ta yi kuka don murna.

Ranar farko aka kai ta wajen Malama Edna, mai kula da kicin da sito, wadda kuma take koyar da darasin kula da gida. Yarinya ce, ba ta fi Asibi da shekara biyu ba, amma ta yi karatun abinci a Zariya, kuma ba ta ɗaukar wargi. Ta miƙa wa Asibi takarda mai shafi biyu, bugun injin ofis, tawadar har tana kama yatsa.

“Kin iya karatu?”

“Kaɗan, Malama. A ajin Zumuntar Mata na koya. Ina karanta Littafi Mai Tsarki, amma a hankali.”

“Ya isa. Da Hausa na rubuta ta. Kowace sabuwar ma'aikaciya ina ba ta. Abu uku ne a ciki, bari in nuna miki da ido.”

Ta zaga da ita. Na farko wanke hannu: kafin a taɓa abinci, bayan an fito daga bayan gida, bayan an taɓa ɗanyen nama, bayan an fyace hanci. A jiƙa hannu a famfo, a sa sabulu, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce har a ƙirga ashirin ba gaggawa, a ɗauraye a famfo. Na biyu, ɗanye da dafaffe ba sa haɗuwa. Ta nuna mata wuƙaƙen nama da aka shafa wa jan fenti a ƙota, da katakon yankan nama can a kusurwa, nesa da teburin ganye. Na uku zafi da sanyi. Ta zaro wani ma'aunin zafi mai tsinin ƙarfe daga aljihun rigar aikinta, irin na da mai lissafin Farenhait.

“Kaza sai tsakiyar cinyarta ta kai ɗari da sittin da biyar kafin a sauke. Abincin da yake jiran ɗalibai kada ya sauko ƙasa da ɗari da arba'in, a bar shi bisa garwashi. Firjin kananzir ɗin can kada ya haura arba'in. Tsakanin arba'in da ɗari da arba'in nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Abinci ya wuce awa biyu a nan, na zubarwa ne.”

Asibi ta ce to. Ta ninke takardar ta sa cikin Littafinta.

Aikin da aka ba ta shi ne wanda ake ba kowace sabuwa, wato abin da ba ya hawa wuta. Ita ke yanka burodin safe. Ita ke yanka kabeji da tumatir da albasa na ranar Laraba, ranar da ake yanka tsofaffin kajin gonar makaranta waɗanda suka daina ƙwai, a yi shinkafa da miyar kaza. Ranar Laraba ɗalibai tun ƙarfe goma sha ɗaya suke leƙen agogo.

To, a satin da Asibi ta fara aiki injin da ke tura ruwa cikin tankin makaranta ya mutu. Aka ce an aika Kaduna neman kayan gyara. Kowa ya san wannan magana, ba ta da rana. Famfon kicin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Aka koma ɗebo ruwa daga rijiyar da ke bayan filin wasa, a ka, bokiti bokiti, ana cika duro biyu. Wanda ya taɓa hawo wannan tudu da bokiti a ka cikin zafin Fabrairu ba sai an yi masa wa'azin tattalin ruwa ba.

Mama Martha ba ta yi wa takardar Malama tawaye ba, a faɗi gaskiya. An ce a wanke hannu, ta ce za a wanke. Ta kawo babban farin daro ta aje a bakin ƙofa, da sandar sabulu, da tawul a rataye. Aka riƙa yi yadda ake yi a kowane gidan mutunci daga Zonkwa har Nok idan an zo cin tuwo: babba ya fara sa hannu, na biye da shi ya bi, har a kai kan ƙarami. Mama Martha ce farko, sai tsofaffin ma'aikata uku, sai Hellen da Bernice da aka ɗauka a Satumba, sai Asibi. Mata bakwai, daro ɗaya. Malama Edna in ta wuce ta hango su sun yi layi, kumfa har gwiwar hannu, sai ta gyaɗa kai ta ji daɗi ta wuce aji.

Laraba ta biyu da zuwan Asibi aka ci kaza. Kashegari da yamma 'yan mata goma sha tara suka kwanta da ciwon ciki da gudawa da zazzaɓi. Aka ce ko mangwaro ɗanye suka ci. Laraba ta gaba, ashirin da shida. Aka tsallake sati biyu lafiya, kowa ya sauke ajiyar zuciya, sai abin ya dawo, har aka kai biyu asibitin gari aka ƙara musu ruwa.

Malama Edna ta zama kamar za ta haukace. Ta soke ma'auninta a cinyar kaza tukunya bayan tukunya, ɗari da tamanin, ɗari da casa'in, babu wadda ta gaza. Ta auna shinkafa a bakin rabo, tana sama da ɗari da arba'in. Ta kwana biyu tana duba firji safe da rana, ta gyara lagwaninsa, yana nan a talatin da takwas. Ta sa a tafasa ruwan sha da na wanke ganye. Ta bi marasa lafiya gado gado tana tambaya, me kika ci, me kika bari. Amsa ta fito fili. Waɗanda ba sa cin ɗanyen kabeji, ko ɗaya ba ta kwanta ba.

Kabeji kuwa hannu ɗaya ke taɓa shi.

Aka tura Asibi asibiti a gwada ta, ko tana ɗauke da wata cuta ba ta sani ba. Sakamako ya dawo, ba a ga komai ba. Mai hankali zai ce ai shi ke nan, an wanke ta. Ina. A kicin ɗin nan sai abin ya juye. Hellen ce ta fara, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba.

“Akwai abin da asibiti ba ya gani.”

Ba wadda ta tsawata mata. Kafin Lahadi magana ta zaga layin ma'aikata: tun da matar nan ta zo yara suke kwanciya, kuma a tuna mijinta kwana huɗu ya yi ya mutu. Mugun hannu gare ta. Mutanen nan fa duk masu zuwa sujada ne, wasu har suna cikin mawaƙa, amma bakinsu bai ji nauyin faɗin wannan ba. Maƙwabciyar Asibi ta hana 'ya'yanta wasa da Gilbert. A coci aka bar mata benci kusan rabi ita da yaranta. Mama Martha ba ta ce uffan ba, sai dai fuskarta ta yi nauyi, don ita ta tsaya mata.

Ranar Litinin ta satin ƙarshe na Maris Malama Edna ta kira Asibi cikin sito ta tura ƙofa.

“Maman Gilbert, ni ban yarda da surutun da ake yi ba, ki sani. Amma shugaba ta ce wata ukunki na gwaji ya cika ranar Juma'a, kuma ba za ta sabunta ba. Iyaye sun fara rubuto wasiƙu. Na tsaya a kanki kina yanka, wuƙarki daidai, katakonki daidai, kina wanke ganye, na ga kina wanke hannu. Ban san me zan ce mata ba.”

“Ɗakin fa, Malama?”

“Ɗakin na mai aiki ne.”

Asibi ta fito. Rashin aikin da ɗakin ya tsorata ta, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne sunan da za ta koma ƙauye da shi. Labari yana riga mutum isa gida. Macen da aka kora daga makaranta saboda hannunta, wa zai sayi ƙosanta, wa zai bar ta ta yi girkin biki, wa zai auri Lucy wata rana?

Da yamma bayan an tashi, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta buɗe Littafi don ta samu abin da zai riƙe zuciyarta. Takardar Malama ta faɗo kan cinyarta. Sau ɗaya ta taɓa karanta ta, tun satin farko. Ta ce bari dai ta sake bi, ko akwai abin da take yi ba daidai ba. Ta sa yatsa tana bi kalma kalma, leɓenta na motsi, yadda aka koya musu a aji. Ta zo kashi na biyu.

“Ɗanyen nama, musamman kaza, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Wuta tana kashe su. Amma duk abin da ya taɓa ɗanyen nama ya kwashi ƙwayoyin, kuma zai kai su kan duk abin da ya taɓa a gaba. Wuƙa, katako, kwano, tsumma, hannu. Abincin da ba zai hau wuta ba shi ya fi shiga haɗari.”

Ta karanta sau uku. Ita ba ta taɓa kaza. Mama Martha da manya uku su ke fige su, su farke ciki, su cire hanji. Daga nan su je daro. Sai Hellen, sai Bernice. Sai ita.

Ta ɗaga hannuwanta ta duba su. Hannun Mama ya taɓa kaza, ruwa ya taɓa hannun Mama, ruwan nan kuma shi take tsoma nata hannun a ciki, ta goge da tawul ɗin da mutum shida suka jiƙa, ta wuce kai tsaye kan kabeji. Sauran duk abin da suka taɓa bayan daro tukunya yake shiga ya tafasa. Nata kaɗai ke zuwa faranti yadda yake, bayan ya zauna cikin zafin kicin tun ƙarfe goma sha ɗaya har ɗaya da rabi. Ta koma kashi na farko. Takarda ta ce a ɗauraye a famfo. Ba ta ce komai a kan daro ba.

Zuciyarta ta buga da murna, sai kuma murnar ta koma ciki. Wa za ta gaya wa? Ta je wajen Malama a ɓoye, ta zama ta kai ƙarar uwar mijinta wajen yarinyar da Mama ta girme wa uwarta. Ta ƙi ruwan a gaban mutane kuwa, to a garinsu wanda ya ƙi sa hannu a ruwan da babba ya wanke, ya ce babban ƙazami ne ke nan, ba wata fassara. Kuma wannan babbar ita ta ɗauko ta daga ƙauye.

Ranar Talata ta gwada ta hanyar lalama. Ta samu Mama Martha ita kaɗai tana jiƙa wake, ta durƙusa.

“Mama, da za a bar ni in riƙa ɗiban ruwana daban na wanke hannu.”

Mama Martha ta dube ta sama da ƙasa.

“Daban? Ana cewa kina da abin da kike ɓoyewa, ke kuma kina neman ruwa daban. So kike ki ba su abin faɗi? Tashi ki yi aikinki, 'yata. Ni na san yadda zan roƙi shugaba.”

Roƙo dai an riga an yi shi, bai ci ba, Asibi ta sani. Ta kwana da abin, ta tashi da shi.

Laraba ta zo. Kaji talatin aka yanka. Wajen ƙarfe goma aka gama gyaransu, aka zuba a tukwane, Mama Martha ta nufi daro ta wanke hannu da sabulu sosai, ta ƙirga ashirin ɗinta a fili kamar yadda ta saba don sababbi su ji. Manya suka bi. Hellen ta bi, Bernice ta bi ta matsa gefe. Asibi ta zo gaban daro ta tsaya, hannuwanta a ƙirji.

“Ke muke jira,” in ji Bernice. “Kabeji na can.”

“Ba zan sa hannu a nan ba.”

Muryarta ta fito ƙarama, amma kowa ya ji. Mama Martha ta juyo a hankali, tawul a hannunta.

“Me kika ce?”

“Ki yi haƙuri, Mama. Ba zan sa ba.”

“Ruwan da na wanke hannu ne kike ƙyama?”

“Ba ke ba ce, Mama. Kazar ce.”

“Shekara ashirin da biyu ina ciyar da makarantar nan. Mijinki da hannun nan na yi masa wanka ranar da aka haife shi. Yau ni ce mai dauɗa.”

Hellen ta tafa hannu ta ce ai ga shi nan, abin ya fara fitowa, mai irin wannan hali ba ta son haɗa ruwa da mutane. Hawaye suka cika idon Asibi, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta motsa ba. Ana cikin haka Malama Edna ta shigo da ma'auninta don duba tukwane, ta tarar da mata bakwai a tsaye babu mai aiki.

“Lafiya?”

“Tambayi ma'aikaciyarki, Malama,” in ji Mama Martha. “Ta fi ƙarfin ruwanmu.”

Asibi ta zaro takardar daga ƙugunta, duk ta yi laushi. Ta nemo wurin, ta karanta a hankali, tana tuntuɓe a kan kalmomi: duk abin da ya taɓa ɗanyen nama ya kwashi ƙwayoyin, kuma zai kai su kan duk abin da ya taɓa a gaba.

“Malama, kin rubuta wuƙa da katako da kwano da tsumma da hannu. Ni tambayata, ruwa fa? Ruwan nan ya taɓa hannuwan mutum huɗu da suka fito daga cikin kaza. Ni ce ta ƙarshe kullum. Daga nan kabeji nake zuwa.”

Malama Edna ta dubi daro. Ta dubi famfon da ya bushe. Ta ce, “Ba a sauya ruwan tsakanin mutum da mutum?”

“Da wane ruwan za a sauya?” in ji Mama Martha. “Ke kike hawo tudu da shi?”

Malama ta matsa gaban daro. Ta ɗauki murfin kwano ta tsugunna ta ture kumfar gefe guda. Ruwan da ke ƙasa ya yi ja-ja, maiƙo na yawo a kai, ga ɗan guntun gashin kaza, ga wani farin kitse ya lafe a gindi. Wata uku kumfar sabulu tana rufe wannan, kowa na ganin fari yana cewa tsabta. Bernice ta leƙa ta kau da kai.

Malama Edna ta daɗe a tsugunne. Da ta miƙe, ba Asibi ta fara yi wa magana ba.

“Mama Martha, laifin nan nawa ne. Na rubuta famfo don inda na yi karatu famfo ba ya ɗaukewa. Ruwa ya tafi wata uku, ban zo na ce ga yadda za a yi ba. Kullum ina wucewa ina ganin daron nan ina jin daɗi. Kin bi takardata iyakar yadda za ta biyu. Sabulu yana ɓamɓare ƙwayoyin daga hannu, amma ba ya kashe su duka. Ruwa mai wucewa ne yake tafiya da su. In ruwan yana tsaye, suna nan a ciki suna jiran na baya.”

“Haka iyayenmu suka yi, ba su mutu ba.”

“Gaskiya ne, Mama. Amma su daga gona suke zuwa daro, su ci tuwo da zafinsa. Ba kaji talatin suke farkewa sannan ƙaramar gida ta yanka wa mutum ɗari huɗu ɗanyen ganye ba.”

Mama Martha ta rataye tawul ta koma gaban murhu.

Malama ta aika aka kawo buta biyu daga gidanta. Aka kwashe daron aka zubar can bayan kicin, aka wanke shi da ruwan zafi, aka dawo da shi wofi don ya tari ruwan da ya zubo. Ita da kanta ta riƙe buta ta zuba wa Asibi, kaɗan don jiƙawa, ta dakata aka cuɗa sabulu aka ƙirga ashirin, ta sake zubawa aka ɗauraye. Tawul ta ce a cire shi, kowa ya yarfe hannu ya bar iska ta busar. Sauran ma duk ta sa suka sake. Da aka gama mutum bakwai, abin da ya taru a daron bai kai wanda ake cika shi da shi da safe ba. Bernice ce ta lura ta faɗa. Malama ta kuma ce daga yau kabeji sai ƙarfe ɗaya saura za a yanka, dab da rabo.

Daga kicin Malama ta wuce ofishin shugaba. Ta daɗe a ciki. Ta fito da abin da ta iya samowa: an ɗaga wa Asibi sati uku. In Laraba uku suka wuce ba wadda ta kwanta, aiki nata ne. In ko mutum biyar suka kwanta, ta tattara kayanta.

Sati ukun nan Asibi ba ta ji daɗinsu ba ko kaɗan. Mama Martha ta daina yi mata magana. In ta gaishe ta da safe, sai ta amsa wa bango. Takan miƙa hannu a zuba mata ruwan buta kamar kowa, amma Bernice take kira, ko da Asibi ce a kusa. Hellen kuwa cewa ta yi a jira dai a gani, ai irin wannan abu yana iya lafawa don ya ɓatar da sawu. Kowace Alhamis da yamma Asibi takan sami dalilin bi ta gaban ɗakin jinya tana ƙirga gadaje ta taga. Alhamis ta farko, yarinya ɗaya mai ciwon haƙori. Ta biyu, babu kowa. Ta uku, biyu masu zazzaɓin sauro, cikinsu lafiya lau.

Malama Edna ta sake buga takardar. A sabuwar, jerin ya zama wuƙa, katako, kwano, tsumma, hannu, ruwa. Ta ƙara layi biyu: “In babu famfo, wani ya zuba maka da buta. Kada mutum biyu su wanke hannu a ruwa ɗaya, komai girman na farko.” Ranar Juma'a da safe ta kawo wa Asibi tata, tare da wasiƙar shugaba ta tabbatar da ita a aiki. Asibi ta yi godiya har ƙasa. Ɗaki ya tsira. Amma da ta dawo teburinta, matan nan shida kowa ta duƙufa kan aikinta kamar ba su ji ba, kuma ta san wasiƙar ofis ba ta isa ta rufe bakin layin ma'aikata ba.

Bayan an sallami ɗalibai da rana, masu girki suka zauna a inuwar bayan kicin don cin nasu, kamar kullum. Asibi ta ɗauki kwanonta za ta koma gefe inda ta saba zama tun da aka fara surutu. Matan leburori biyu da maƙwabciyarta suna nan sun zo karɓar ƙanzo. Mama Martha ta buɗe kwanon shinkafa da wake ta dube shi ta yamutsa fuska.

“Wannan abinci ya bushe. Asibi.”

Sati uku ke nan ba ta kira sunanta ba. Asibi ta aje kwano ta zo ta durƙusa.

“Akwai sauran kabeji da tumatir a sito. Je ki yanko mini. Ki sa ƙuli da ɗan gishiri, ki cuɗa da hannunki sosai, ban son na cokali.”

Asibi ta je. Bernice ta tashi ba a aike ta ba ta zuba mata ruwa. Ta yanka, ta cuɗa, ta kawo ta aje a gaban Mama, ta ja baya. Duk wurin ido ya dawo kan kwanon. Mama Martha ta yi addu'a, ta sa hannu ta ɗebo loma babba ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta ƙara ta biyu, ta ƙara ta uku. Sannan ta tura kwanon gaban Hellen.

“Ci.”

“Na ƙoshi, Mama.”

“Ban tambaye ki ko kin ƙoshi ba.”

Hellen ta sa hannu ta ci, idonta a ƙasa. Mama Martha ta jawo kwanon ta ci gaba da ci, ta yi magana ba ta dubi kowa ba, amma da ƙarfin da matan layin za su ji su kai gida.

“Yarinyar nan ta kunyata ni a gaban mutane, kuma ban manta ba. Amma gaskiya ta faɗa, ni kuma na yi shiru ana cin namanta wata biyu. Wanda ya sake cewa wani abu a kan hannunta, ya zo ya same ni.” Ta matsa gefe a kan benci ta bugi wurin da tafin hannu. “Ɗauko kwanonki ki zauna nan, gishirin ma ya yi yawa.”

Asibi ta ɗauko kwanonta ta zauna. Ta kasa cin komai don kuka, Mama Martha kuwa ta cinye kabejin tas.